Ciki ya zube amma tsinken gwaji yana nuna layi biyu: kurakuran da aka fi yi

Mace ta yi ɓari, ta zubar da jini na kwanaki, ta ga guda-guda da idonta, aka ce mata cikin ya fita. Bayan kwana 10 ta aika aka sayo mata tsinken gwajin ciki a kemis, ta tsoma a fitsari, sai ga layi biyu. Daga nan hankali ke rabuwa. Wata murna za ta yi, ta ce ashe cikin yana nan. Wata kuma tsoro zai kama ta, ta ce bai fita duka ba, ta nemi maganin da zai wanke ta. Su biyun sun ɗora wa tsinken maganar da bai faɗa ba.

Tsinken ba ya ganin jariri. Abin da yake nema a fitsari wani sinadari ne da za ki ga an rubuta hCG a takardar gwajin asibiti. Ƙwayoyin da ke zama mabiyiya ne suke samar da shi tun daga lokacin da ƙwai ya maƙale a mahaifa. Yana hauhawa da sauri a makonnin farko, ya kai ƙololuwa tsakanin mako na 8 da na 11, inda yakan kai 100,000 ko ya wuce a ma'aunin da asibiti ke amfani da shi. Yawancin tsinkayen da ake sayarwa kuwa da zarar ya kai 25 za su fitar da layi na biyu. Tazarar da ke tsakanin 100,000 da 25 ita ce tushen duk wannan ruɗani.

Kuskure na farko: zaton sinadarin zai tafi tare da cikin

Idan mabiyiya ta fita, an daina samar da sabon sinadari, amma wanda ke cikin jini yana nan. Hanta da ƙoda ne za su riƙa rage shi, kuma ba a lokaci guda ba. A kwanakin farko yana faɗuwa da sauri, daga baya ya koma jan ƙafa. Don sauƙin lissafi, mu ce yana raguwa da rabi duk kwana 2.

Ɗauki mace da cikinta ya zube a mako na 10, sinadarinta yana 80,000. Bayan kwana 2 ya koma 40,000, bayan kwana 4 ya koma 20,000. A kwana na 10 yana wajen 2,500, wato har yanzu ya ninka abin da tsinke ke buƙata sau 100, don haka layin zai fito jawur kamar na sabon ciki. Sai an raba shi biyu har sau 12 kafin ya sauko ƙasa da 25, kusan kwana 24 ke nan. Ita kuwa wadda nata ya zube 'yan kwanaki bayan ɓatan wata, sinadarin yana 400, cikin kwana 10 ko ƙasa da haka tsinkenta zai koma layi ɗaya. Shi ya sa idan maƙwabciyarki ta ce nata ya ɓace cikin mako guda, gaskiya ta faɗa, amma ba ma'auninki ba ne. Inda kika faro shi ke yanke tsawon tafiyar.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: mai jego da ta haihu a wata tara sau da yawa takan riga wadda ta yi ɓarin wata biyu da rabi komawa layi ɗaya, domin a ƙarshen ciki sinadarin ya riga ya sauko ƙasa da ƙololuwarsa sosai. Bayan haihuwa yakan ɓace cikin mako 2 zuwa 4. Bayan ɓarin watannin farko yana iya ɗaukar daga mako 1 zuwa mako 6.

Gyaran shi ne kada ki yi gwaji a makon farko ko na biyu, ba abin da zai gaya miki sai tayar da hankali. Ki ƙirga mako 3 daga ranar ɓarin ko ranar wankin ciki, sannan ki gwada da fitsarin farko na asuba. In layi ɗaya ne, jini ya tsaya, ba ciwo, to magana ta ƙare. In layi biyu ne, ki koma asibiti. Ba lallai akwai matsala ba, amma daga nan tambayar ta fi ƙarfin tsinke.

Kuskure na biyu: gwaji kullum ana kallon hasken layi

Na san matan da ke jera tsinkaye a takarda, kowane da kwanan watansa, suna duba ko layin yana dushewa. Na fahimci abin da ke sa su, wadda ta rasa ciki tana son ta riƙe wani abu a hannu. Amma hasken layi ba ma'auni ba ne. Idan kin sha ruwa da yawa fitsari zai tsinke, layi ya dushe. Gobe da asuba ya dawo da ƙarfi, ki zaci sinadarin ya ƙaru. Tsinken wannan kamfani da na wancan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wanda kuma aka bari ya bushe aka dawo duba shi bayan awa guda yana iya nuna wani ɗan layi marar launi wanda ba ya nufin komai, don haka a karanta cikin mintunan da aka rubuta a jikin kwali.

Abin da ke ba da amsa gwajin jini ne mai fitar da adadi, wanda likita ke rubutawa beta hCG, a yi sau biyu da tazarar awa 48, a ɗakin gwaji ɗaya. Adadi ɗaya ba ya faɗin komai, alƙiblarsa ake bi. Idan jiya-waccan 600 ne yau 280, jiki yana aikinsa, haƙuri kawai ya rage. Idan 600 ne ya koma 570, ya tsaya ke nan, akwai abin da ke ci gaba da samar da shi. Idan ya haura 1,200, ko sabon ciki ne ko wani abin da dole a gano. A waɗannan biyun na ƙarshe sai an haɗa da hoton ciki. Ƙasa da 5 shi ne ake cewa ya koma daidai.

Kuskure na uku: yanke hukunci a gida

Wannan ne ya fi ci min rai, domin a nan ake rasa lafiya. Yana zuwa ta fuska biyu.

Fuska ta farko ita ce a ce cikin ya kwanta. Wata matashiya ta zo asibiti da surukarta mako 7 bayan ɓari, tana ɗigon jini baƙi-baƙi, ga amai kamar na laulayi. Na tambaye ta me ya hana ta dawowa tun da wuri. Surukar ta ce, "Malama, ai tsinke ya nuna yana nan, mun ɗauka kwanciya ya yi, zai tashi." Na ce, "Hajiya, bari dai mu ga hoto tukuna." Hoton bai nuna jariri ba. Mahaifa ce cike da ƙananan ƙulli-ƙulli masu ruwa kamar curin inabi. Wannan wani irin ciki ne da mabiyiya ke girma ba bisa ƙa'ida ba, tana zubo sinadarin da yawa. An wanke mata, aka tura abin da aka ciro ɗakin gwaji, aka ɗora ta a kan gwajin jini a kai a kai na watanni, tare da tsarin iyali don kada sabon ciki ya rikita lissafin. Dalilin wannan bibiya shi ne a wasu matan ragowar ƙwayoyin kan ci gaba da girma har su zama wani nau'in ciwon daji. Yana daga cikin waɗanda suka fi jin magani idan an gano shi, kuma yana iya biyo bayan kowane irin ciki, har haihuwar lafiya, ko da yake ba kasafai ba. Saboda haka mai jegon da ta yi arba'in jinin biƙi bai ɗauke ba, tsinke kuma yana nuna layi biyu, asibiti ne wurinta.

Fuska ta biyu ita ce a ce bai fita duka ba, a sayo ƙwayar da ke matsa mahaifa a kemis, ko a dafa saiwa. Gaskiya ne ragowar mabiyiya tana iya maƙalewa ta riƙe sinadarin, kuma tana cikin dalilan da aka fi gani. Amma tsinke ba zai bambance miki ragowa da sinadarin da ke kan hanyarsa ta fita ba. Mafi muni, ba zai bambance miki ita da cikin da ya zauna a wajen mahaifa ba. Irin wannan cikin yakan zo da jini har a ɗauka ɓari ne, alhali yana nan a cikin bututun ƙwai yana girma. Ƙwayar da ke matsa mahaifa ba ta taɓa shi, sai dai ta ɓata lokaci har bututun ya fashe. Wadda ba a taɓa yi wa hoto an ga cikinta a cikin mahaifa ba kafin ta zubar da jini, ita ce ya fi kamata ta riƙe wannan.

Akwai alamun da ba a jira mako 3 da su: jinin da ke jiƙa audugar mata biyu cikin awa guda har awa biyu a jere, zazzaɓi da rawar sanyi, ruwa mai wari, ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, ciwo a kan kafaɗa, jiri ko suma. Ko tsakar dare ne a nemi abin hawa.

Kuskure na huɗu: ɗauka cewa duk layi biyu na tsohon ciki ne

Wannan kishiyar na farko ne. Mace tana iya sakin ƙwai mako 2 kacal bayan ɓari, kafin ta ga al'ada ko sau ɗaya. Mai jego da ba ta shayarwa tana iya ɗaukar ciki daga mako 3 bayan haihuwa. Shayarwa tana karewa ne idan abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. In ɗaya ya zame, ƙofar kwanika a buɗe take. Don haka layi biyu wata 3 bayan haihuwa yawanci sabon ciki ne, sinadarin wancan cikin ya daɗe da tafiya.

Nan ne amfanin gwajin mako na 3 yake fitowa. Idan kin taɓa ganin layi ɗaya bayan ɓarin, duk layi biyun da ya biyo baya sabon labari ne, kuma ranar da kika ga layi ɗayan za ta taimaka wa likita wajen ƙirga makonni tunda ba al'adar da za a kafa lissafi a kanta. Ki rubuta ranar.

Masu neman haihuwa kuma su lura da abu biyu. Tsinken gwajin sakin ƙwai yana ruɗewa da hCG saboda kamanninsa da sinadarin da yake nema, zai riƙa nuna lokaci ya yi alhali bai yi ba, sai a ajiye shi har gwajin ciki ya koma layi ɗaya. Wadda kuma aka yi wa allurar fasa ƙwai mai ɗauke da hCG, allurar kanta tana iya fitar da layi biyu har kwana 10 zuwa 14, don haka ta tambayi likitanta ranar da za ta yi gwaji tun kafin ta bar asibitin.