Yadda ake rubuta sanarwar ragi ta shagon atamfa a watan azumi

Da farko ka tsai da ranaku. A Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru teloli kan daina karɓar ɗinkin salla tun kafin goman ƙarshe, don haka sanarwar ta fita a makon farko, ragin ya ƙare wajen 15 ga wata.

Ka buɗe da sallama da addu'a gajeriya: "Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada." Ta isa haka. Kada ka sa aya ko hadisi, musamman idan za a buga a takarda, domin takardar talla a ƙasa take ƙarewa, ana tattaka ta.

Sai kaya da farashi. A nan mutane suka saba da lissafin dala, wato sefa biyar-biyar, ɗari a baki kuwa sefa 500 ce, saboda haka ka rubuta adadi da sefa ƙarara. Misali: "Atamfa turmi ɗaya, yadi shida, da 12.000 FCFA, yanzu 10.000. Shadda ba ta cikin ragin." Idan ka ɓoye wannan jimlar ta ƙarshe, mai azumi zai sha rana ya zo a banza, ya koma da fushi.

Ka guji "garaɓasa!" da "a yi rububi!" Hoton ma na turamen atamfa a jere ya wadatar, ba sai an sa na mace da kwalliya ba.

Daga ƙarshe ka faɗi lokacin rufewa kafin magariba, da ko za ka sake buɗewa bayan asham. A tura ta WhatsApp bayan an sha ruwa.