Darasi: Tace Magana Kafin a Taƙaita Ta a Rubuce

Wanda ya taɓa ɗaukar muryar taro a waya ya zauna rubutawa ya san baki ba ya tafiya kamar alƙalami. Ga abin da wani ma'ajin ƙungiya ya faɗa, kalma da kalma:

"To, wato, ka gane, mu... mun ce za mu, e, za mu gama aikin ran Talata, a'a, ran Laraba, in dai kayan sun iso. Wai direban ya ce, abin nan, motar ce ta lalace. Ni dai ina jin mutum 8 sun isa."

Fara da masu sauƙi. "To", "wato", "ka gane", "e" da "abin nan" ba su ɗauke da komai a nan. Mai magana yana cike wuri ne da su kafin tunani ya zo masa, don haka a cire su. Haka ma "mu... mun ce za mu", inda ya fara ya tsaya ya sake farawa: a ɗauki wanda ya kai ƙarshe.

"Ran Talata, a'a, ran Laraba" gyara ne ya yi wa kansa. Laraba za ka rubuta. Mai gaggawa yakan kama ranar farko ya wuce, shi ya sa ake sauraron jimla har ƙarshenta kafin a ɗora alƙalami.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne ƙananan kalmomin da suka yi kama da ciko alhali aiki suke yi. "Wai" tana nuna ma'ajin ji ya yi, bai ga motar da idonsa ba. Ka cire ta, ka mai da jita-jita shaida. "Ina jin" ƙiyasi ne, ba umarni ba. "In dai" kuwa sharaɗi ne, kuma shi ne gaba ɗayan maganar: babu kaya, babu Laraba. Gwajin ɗaya ne. Rufe kalmar da yatsa, ka karanta jimlar da ƙarfi. In ma'ana ta motsa, ko mai maganar ya koma kamar ya fi tabbaci a kan yadda yake, mayar da ita.

Ga taƙaitawar:

"Ma'aji ya ce za a gama aikin ran Laraba in kayan sun iso. Ya ce ya ji labarin motar ta lalace. A ganinsa mutum 8 za su isa."

Amma fa in rubutun na shari'a ne ko na binciken harshe, ba a tacewa haka, domin inda mutum ya yi inda-inda ma abin dubawa ne. Tambayi wanda ya ba ka aikin tun farko.

Aiki: Ɗauki muryar abokin karatunka na minti 1 da izininsa. Rubuta duk abin da ya faɗa, ka ja layi a ƙarƙashin abin da za ka cire, sannan ka karanta masa taƙaitawar ka ji ko zai ce haka ya faɗa.