Yadda ake sa farashi a inbois tsakanin kamfanoni 'yan gida ɗaya

A ce mutum yana da kamfanoni biyu a Legas. Ɗaya masana'antar fenti ce a Ikeja, ɗayan kuma dilar rarrabawa ce a Agege, wadda ke ɗaukar kaya daga wurin 'yar'uwarta. Mai su zai ce ai daga aljihun dama ne zuwa na hagu. Hukumar haraji ba haka take gani ba, domin kowane kamfani mai cin gashin kansa ne, kuma ribarsa ake yanka wa haraji. Idan na Agege yana ɗauke da tsohuwar asara, sai na Ikeja ya karya masa farashi, ribar ta sauka inda asara za ta cinye ta, haraji ya ragu. Shi ya sa ƙa'idojin da hukumar harajin tarayya ta lokacin, FIRS, ta fitar a 2018 suka ce dole farashin 'yan gida ya zama irin wanda za a sayar wa bare. Ba cinikin ƙetare kaɗai suka shafa ba, har wanda aka yi a cikin gari ɗaya.

Matakin farko, tun kafin a taɓa inbois, wato takardar da mai sayarwa ke rubuta kaya da kuɗinsu a ciki, a rubuta yarjejeniya tsakanin kamfanonin biyu: wane kaya, nawa a wata, wa zai biya mota, yaushe za a biya kuɗi, kuma wa ke ɗaukar asara idan kaya suka lalace a hanya. Daraktocin kowane ɓangare su sa hannu.

Na biyu shi ne nemo farashin bare, kuma a nan aikin yake. Hujja mafi ƙarfi tana cikin littafinka: nawa masana'antar ke sayar wa dilan da ba ta haɗa komai da shi ba? A ce bokiti ɗaya naira 50,000 ne ga mai ɗaukar 200, kuɗi hannu, kuma masana'anta ce ke kai masa har shago. Na Agege kuwa bokiti 2,000 yake ɗauka a wata, da motarsa, ya biya bayan kwana 30. Cinikin ba iri ɗaya ba ne, don haka sai a daidaita. A cire kuɗin mota, a ce 1,500 a kan kowane bokiti. A cire rangwamen yawa na kashi 3, wato wata 1,500, amma fa sai idan duk baren da ya ɗauki wannan adadi zai samu irinsa. Sannan a ƙara 1,000 saboda bashin wata guda, tunda jiran kuɗi ba kyauta ba ne. An tsaya a 48,000. Wannan shi ne abin da za a rubuta, kuma takardar lissafin nan a adana ta tare da inbois ɗin dilolin waje da aka kwatanta da su.

Dubi abin da zai faru da an rubuta 40,000. Giɓin 8,000 a kan bokiti 2,000 na tsawon wata 12 ya kai naira miliyan 192. Mai binciken haraji zai mayar da wannan cikin ribar masana'antar, harajin kashi 30 a kai ya zama miliyan 57.6, ban da tara da kuɗin ruwa. Ganowa kuma ba ta da wuya: sai ya jera inbois biyu na rana ɗaya a kan tebur, na bare da na ɗan gida.

Idan masana'antar ba ta sayar wa kowa sai 'yar'uwarta, sai a koma kan abin da aka kashe wajen yin kayan, a ɗora ribar da masana'antu masu zaman kansu irinta ke samu.

Na uku, inbois ɗin kansa. Ya fito duk lokacin da kaya suka fita, da kwanan wata, lambar harajin kowane kamfani, nau'in fenti, adadi, farashin ɗaya da harajin VAT na kashi 7.5. Takardar fitar da kaya daga sito ta dace da shi, kuɗin kuma su bi ta banki a ranar da aka yi alkawari. Inbois guda ɗaya da aka rubuta a ƙarshen Disamba da dunƙulallen adadi, musamman da sunan "kuɗin gudanarwa", shi ne ke fara jan idon mai bincike. Za a tambaya wane aiki aka yi, wa ya yi shi, kuma shin bare zai yarda ya biya kuɗinsa?

Na ƙarshe, cikin wata shida da rufe shekarar kuɗi, a cike fom ɗin bayyana cinikin 'yan gida tare da takardun haraji. A ƙa'idojin 2018, tarar ƙin bayyanawa ita ce miliyan 10 ko kashi 1 na darajar cinikin, duk wanda ya fi yawa. Wanda cinikinsa da 'yan gida bai kai miliyan 300 a shekara ba, an yafe masa haɗa cikakken kundin hujja tun da wuri. Na misalinmu ya haura biliyan 1, saboda haka kundinsa ya kasance a shirye, domin idan hukuma ta nema, kwana 21 kacal ake bayarwa.