Kafin ka sayi waya saboda megafiksel

Jama'a don Allah mu daina bari lambar da ke bayan kwali tana ruɗin mu. iPhone ta yi shekaru tana kan megafiksel 12, amma hotonta na dare ya fi na ƙananan wayoyi da yawa masu 50, dalili kuwa haske ne. Sensa ita ke karɓar hasken, in ta yi ƙanƙanta aka cusa mata fiksel miliyan 50, wato ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto, kowanne ɗan mitsitsi zai zama, shi ya sa da magariba ta yi sai ka ga hoto ya cika da dishi-dishi.

Wajen duba girman sensar a kula, 1/1.3 ta fi 1/2.8 girma nesa ba kusa ba. Haka ma ƙofar lens, f/1.8 ta fi f/2.4 buɗewa, hasken da take shigarwa ya kusa ninki biyu.

Sai sofwaya, ita ke haɗa hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta fitar da guda, wata kuma sai ta goge fuska ta haska baƙar fata har mutum ya koma kamar roba, ni wannan yana ɓata min rai sosai. In ka je shago ka ɗauki wani a lungu mai duhu yana ɗan motsi, ka zuƙo hoton ka duba gashin gira da zaren hularsa ko sun fito.