Darasi: Yadda dila zai lissafa kayan ko-ta-kwana a sito

Dila yana tsakiyar ɓangarori biyu ne: kamfanin da ke ba shi kaya da 'yan kasuwar da ke sara a wajensa. Idan ya tura oda yau, kaya ba sa isowa yau. Sai an jira, kuma a cikin wannan jiran masu saye ba sa daina zuwa. Wani mako su kwashi da yawa, wani mako kaɗan. Kayan ko-ta-kwana su ne rarar da ake ajiyewa a kan abin da aka saba sayarwa, domin idan ciniki ya haura a lokacin jiran kada sito ya wayi gari babu komai.

Da yawa suna ajiye rarar ne da ka, wani ya ce kayan mako biyu, wani ya ce na wata guda, kuma a kan kowane kaya iri ɗaya. Illar wannan ita ce kuɗi su kwanta a kan kayan da cinikinsu ba ya hawa da sauka, alhali kayan da ke yawan yankewa ba su samu isasshiyar rara ba. Abin da ya kamata ya yanke yawan rarar shi ne yadda cinikin kayan ke sassaɓawa, ba yawan cinikin kansa ba. Ga ƙa'idar yadda ake rubuta ta:

```
SS = Z × σ × √L
```

`SS` shi ne yawan kayan ko-ta-kwana. `σ` gwargwadon yadda ciniki ke kauce wa matsakaicinsa a kowane mako. `L` makonnin da ake jira daga tura oda zuwa shigowar kaya sito. `Z` kuma lamba ce da ke wakiltar matakin wadatar da kuka zaɓa. Za mu bi su da misalin kaya guda ɗaya da ake sayarwa katan-katan.

Auna sassaɓawar ciniki

Ku buɗe littafin fitar kaya, ku kwafo adadin katan da aka nema a kowane mako. A misalinmu ga na mako 9: 180, 230, 160, 200, 250, 170, 220, 180, 210. Jimillarsu 1,800. Idan aka raba da 9 za a samu 200, wato matsakaicin cinikin mako.

Yanzu sai a duba tazarar kowane mako da 200 ɗin nan. Makon farko ya gaza da 20, na biyu ya haura da 30, na uku ya gaza da 40, na huɗu daidai yake, na biyar ya haura da 50, haka har ƙarshe. Da za a tara tazarar yadda take, gazawa da haurawa za su cinye juna a tashi da sifiri. Shi ya sa ake ninka kowace tazara da kanta tukuna: 20 sau 20 ya ba da 400, 30 sau 30 ya ba da 900. Na makonnin tara su ne 400, 900, 1,600, 0, 2,500, 900, 400, 400, 100, kuma jimillarsu 7,200.

A raba 7,200 da 8, wato adadin makonni a cire ɗaya. Ana cire ɗayan ne saboda makonnin da muka ɗauko samfur ne kawai, ba dukkan tarihin cinikin ba. Amsa 900. Sai a danna alamar `√` a kalkuleta, ta ba da 30, domin 30 sau 30 shi ne 900. Ke nan `σ` katan 30 ne a mako. Mai aiki da Excel zai samu wannan amsar da `=STDEV.S(A1:A9)` idan ya jera lambobin daga sama zuwa ƙasa.

Mako tara mun ɗauka don lissafin ya shiga shafi. A aikin gaske ku nemi na wata shida ko na shekara, domin 'yan makonni kaɗan kan ɓoye hawa da saukar da kayan ke yi.

Lokacin jira

A ce kamfanin yana ɗaukar mako 4 kafin kaya su iso. Ku ƙirga har ranar da aka sauke kayan, aka duba su, aka shigar da su littafi, ba ranar da mota ta taso ba. A mako huɗun nan cinikin da ake sa rai shi ne 200 sau 4, katan 800.

Nan ne mutane ke tuntuɓe. Suna ganin tunda kaucewar mako ɗaya 30 ce, ta mako huɗu 120 ce. Ba haka ba ne. Da wuya makonni huɗu a jere su haura gaba ɗaya. Wani zai haura, wani ya gaza, su rage wa juna kaifi. Saboda haka ake amfani da `√L`. Tushen 4, wato `√4`, shi ne 2, don haka kaucewar lokacin jira 30 sau 2 ce, katan 60.

Zaɓen matakin wadata

Wannan ba lissafi ne ke yanke shi ba, mai dukiya ne. Tambayar ita ce: a cikin oda 100 da za ku tura, sau nawa kuke so sabon kaya ya tarar da na sito bai ƙare ba? Idan kun ce 95, kun amince ke nan kaya su yanke kamar sau ɗaya a kowace oda 20. Kowane mataki da lambarsa ta `Z`, kuma ga abin da kowanne ke bayarwa idan aka ninka da 60:

| Matakin wadata | Z | Kayan ko-ta-kwana |
|---|---|---|
| 90 cikin 100 | 1.28 | katan 77 |
| 95 cikin 100 | 1.65 | katan 99 |
| 99 cikin 100 | 2.33 | katan 140 |
| 99.9 cikin 100 | 3.09 | katan 186 |

A Excel, `=NORM.S.INV(0.95)` zai ba da 1.645, wanda aka cike zuwa 1.65. Idan amsa ta zo da ɓurɓushi, a cike ta sama, tunda ba a ajiye rabin katan.

Ku lura da yadda nauyin ke ƙaruwa. Daga 90 zuwa 95 katan 22 kawai aka ƙara. Daga 95 zuwa 99 sai da aka ƙara 41. Daga 99 zuwa 99.9, ƙarin da bai kai kashi ɗaya ba, ya ci 46. Babu kuma lambar `Z` ta 100 cikin 100, domin babu rarar da za ta tare kowane irin tashin ciniki. A ganinmu kuskure ne a ɗora dukkan kayan sito a kan 99. Wannan matakin na kayan da idan babu su mai saye zai kwashe odarsa duka ya kai wa wani dila ne, ko kayan da rashinsu ke da haɗari ga mai bukata. Kayan da ke da madadi a sito, ko masu saurin lalacewa, 90 ya ishe su.

Kada kuma a fahimci 95 da cewa kashi 5 na masu saye za su koma hannu rabbana. Lambar tana ƙirga sau nawa kaya za su yanke ne, ba katan nawa za a rasa ba. Yankewar kan zo ne a 'yan kwanakin ƙarshe na jira, don haka kason katan da ake iya bayarwa nan take yakan fi 95.

Yaushe za a tura oda?

Rarar ba ta da amfani idan ba a haɗa ta da lokacin oda ba. A tara cinikin lokacin jira da kayan ko-ta-kwana: 800 da 99, katan 899. Da zarar kaya sun sauko nan, a tura oda. Wajen dubawa a haɗa abin da ke sito da abin da aka riga aka yi oda yana hanya, a cire abin da aka yi wa masu saye alkawari ba a ba su ba. Wanda ya duba na sito kaɗai zai yi ta maimaita oda a kan oda.

Inda lissafin ke karkacewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gauraya ma'auni. Idan `σ` ta mako ce, dole `L` ta zama makonni. Wanda ya sa kwana 28 a maimakon mako 4 zai samu kusan katan 262, fiye da ninki biyu da rabi na abin da ake bukata. Alamarsa ita ce rara da ba a taɓa taɓa ta ba shekara guda cur.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Littafin fitar kaya yana nuna abin da aka sayar ne, ba abin da aka nema ba. Idan a wani mako kaya sun ƙare ranar Laraba, littafi zai nuna ciniki kaɗan alhali masu saye sun zo an sallame su. Sakamakon haka matsakaici zai fito ƙasa da gaskiya, odar gaba ta makara, kaya su sake yankewa. Maganinsa a ware shafi na rubuta duk abin da aka nema ba a samu ba, a haɗa shi cikin adadin makon.

Na uku shi ne ƙa'idar ta ɗauka kamfani yana cika alkawarin mako 4 kullum. Idan kaya kan iso wani lokaci a mako 3, wani lokaci a 5 ko 6, sai an auna kaucewar lokacin jiran ita ma, da hanyar da muka auna ta ciniki, a koma wannan ƙa'idar, inda `d` ke nufin matsakaicin cinikin mako, `σL` kuma kaucewar jira:

```
SS = Z × √(L × σ² + d² × σL²)
```

A ce `σL` mako ɗaya ce. Ɓangaren farko 4 sau 900, wato 3,600. Na biyu 200 sau 200 sau 1, wato 40,000. Jimilla 43,600, tushenta kusan 209. A ninka da 1.65, a samu katan 345 a maimakon 99. Kusan duk wannan ƙarin daga rashin tabbas ɗin kamfani ya fito, ba daga masu saye ba. Dilan da ke cikin wannan hali ya fi samun sauƙi idan ya zauna da kamfanin suka tsayar da ranar kawo kaya, a kan ya ƙara faɗin sito.

Akwai kayan da ƙa'idar ba ta dace da su ba sam: waɗanda ake yin makonni ba a nemi ko ɗaya ba, sannan rana ɗaya a kwashi da yawa. Haka nan kayan da cinikinsu ke bin yanayin shekara. Masu bin yanayin shekarar a raba lissafinsu, lokacin tashin ciniki daban, lokacin kwanciyarsa daban, in ba haka ba tashin da aka san zai zo zai shiga lissafi kamar ba-zata ya kumbura `σ`. Ko ga kayan da suka dace, a sake lissafin duk wata uku, ko duk sanda aka canja kamfani ko aka samu sabon babban mai saye.

Aikin gwaji

Wani kaya matsakaicin cinikinsa katan 120 ne a mako, kaucewarsa 50, lokacin jira mako 9, matakin wadata 90 cikin 100. Ku nemo kayan ko-ta-kwana da adadin da za a tura oda a kansa. Idan kun bi matakan daidai za ku samu 192 da 1,272. Wanda ya samu 576 ya ninka da 9 ne a maimakon tushenta, 3.