Babi na tara: Amsar da ta fito tsaf amma ba ta karɓu ba

A babin da ya wuce mun saba da dokar nan cewa abin da ka yi wa hannun hagu na ikweshon dole ka yi wa hannun dama, in ka tara 5 nan ka tara 5 can, in ka raba da 2 nan ka raba can, kuma komai na tafiya lafiya. To yau za mu ga wani aiki guda da za ka yi wa hannu biyun daidai wa daida, ba ka karya doka ba, ba ka yi kuskuren tarawa ko ɗebewa ba, amma a ƙarshe ya miƙo maka amsar da ba ta tambayar ba ce. Aikin shi ne sikwaya, wato ninka lamba da kanta, kamar 4 sau 4 ya ba da 16.

Ga tambayar da za mu yi aiki da ita. Mai sa tayil yana da wasu tayil a kwali, ba mu san yawansu ba, mu ce x. Aka ƙaro masa guda 7, ya shimfiɗa su duka suka ba da fili mai tsawo da faɗi iri ɗaya, ba ragowa. Da aka ƙirga tayil ɗin da ke layi ɗaya sai aka ga bai kai x ba da guda 5. To nawa ne a kwalin tun farko? Duka tayil ɗin x + 7 ne, yawan na layi ɗaya kuwa shi ne sikwaya rut ɗin wannan, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da x + 7, alamarsa ita ce √, don haka za mu rubuta:

√(x + 7) = x − 5

Wannan alamar √ ita ta tsare mana hanya, kuma hanyar cire ta ita ce a yi wa hannu biyun sikwaya. Hagu ba wahala, alamar ta tafi ya rage x + 7. Dama kuwa a yi hankali, (x − 5) sau (x − 5) ne, kuma yana ba da x² − 10x + 25, ba x² + 25 ba kamar yadda masu gaggawa suke rubutawa, wannan 10x na tsakiya shi ake yawan mantawa. Yanzu muna da:

x + 7 = x² − 10x + 25

A kwashe komai zuwa gefe ɗaya, sai ya zama x² − 11x + 18 = 0. Muna neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da 18, in an tara su kuma 11, ba sai an daɗe ana tunani ba, 2 da 9 ne. Kenan (x − 2)(x − 9) = 0, wato x = 2 ko x = 9.

Duba fa yadda suka fito, ba ɗigo, ba ɓari, ba mainos, lambobi biyu masu kyau, irin wanda in mutum ya gani sai ya ja layi biyu a ƙasa ya ajiye biro. Kar ku ajiye tukuna. Ku ɗauki kowacce ku mayar da ita cikin ikweshon na farko, mai alamar √ ɗin nan.

Da x = 9, hagu √(9 + 7) wato √16, shi ne 4. Dama 9 − 5, shi ma 4. Ta zauna daram, tayil 16 kenan, layi huɗu kowanne da guda huɗu.

Da x = 2, hagu √(2 + 7) wato √9, shi ne 3. Dama 2 − 5, wannan kuwa −3 ne. 3 da −3 ba ɗaya ba ne, don haka 2 ba amsa ba ce. Ko a wajen mai tayil ɗin ma kun ga ba ta yiwuwa, in guda 2 ne a kwali aka ƙara 7 ya samu 9, zai shimfiɗa uku-uku ba matsala, amma an ce layin bai kai na cikin kwali ba da 5, ya za a yi a cire 5 daga 2 a samu layin tayil? Irin wannan amsar ita za mu riƙa kira baƙuwar amsa, don a hanya ta shigo.

To ta ina ta shigo tunda ba mu yi kuskure ba? Nan ne ainihin darasin, a natsu. 3 sau 3 tara ne, −3 sau −3 shi ma tara ne, don mainos sau mainos fulos yake bayarwa. Kenan da zarar ka yi sikwaya ka goge shaidar da ke nuna ko lambar mainos ce ko fulos. Kamar littafin bashi ne na mai shago da ruwa ya taɓa, adadin yana nan, dubu uku, amma wurin da aka rubuta ko kai kake bi ko kai ake bi ya goge, in ka karanta adadin kaɗai duka biyun za su iya zama gaskiya alhali ɗaya ce kawai ta faru. Gwada da ƙaramin abu ka gani: x = 3 amsa ɗaya gare shi, amma yi masa sikwaya ya koma x² = 9, yanzu amsa biyu ce, 3 da −3, kuma ba wanda ya gayyaci −3.

Tarawa da ɗebewa ba sa yin haka saboda ana iya komawa baya ta hanya ɗaya tak, in ka tara 5 sai ka cire 5 ka dawo inda kake. Sikwaya kuwa in za ka koma baya hanya biyu ce a gabanka. In a² = b², abin da ka sani kawai shi ne ko a = b ko kuma a = −b. Shi ya sa 2 ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba, amsa ce ta gaske amma ta wata tambaya daban, wato √(x + 7) = 5 − x. Sa 2 a ciki ka gani, hagu 3, dama 5 − 2 shi ma 3. Wannan ikweshon da namu in aka yi musu sikwaya abu ɗaya suke komawa, don (x − 5)² da (5 − x)² duk ɗaya ne, sai amsoshinsu suka haɗu a layi guda, aikinka ne ka ware naka.

Na san a kowane aji sai an samu mai cewa, malam ai √9 yana iya zama −3, tunda −3 sau −3 tara ne, to me zai hana a karɓi 2 ɗin? Tambaya ce mai kyau wallahi, kuma daga nan rikicin yawancin mutane yake. Gaskiya ne lambobi biyu ne sikwayarsu ke ba da 9. Amma ita alamar √ an ajiye ta ne don ɗaya kawai, wadda ba mainos ba, √9 shi ne 3 shi kenan, in ana son ɗayar sai a rubuta −√9, in ana son duka biyun a rubuta ±√9. Da za a bar alamar ta riƙa nufin wadda mutum ya ga dama, da √9 + √16 kaɗai zai ba da 7 ko −7 ko 1 ko −1, kowa da tasa amsar. Ko kalkuletar wayarka ka danna √9, 3 za ta ba ka.

Akwai kuma waɗanda suke gwada amsa amma a wurin da bai dace ba. Su ɗauki 2 su sa a x + 7 = x² − 10x + 25, hagu 9, dama 4 − 20 + 25 shi ma 9, sai su ce ai na duba ta yi. Dole ta yi mana, wannan layin bayan sikwaya ne, shaidar ta riga ta goge, duk baƙuwar amsa za ta wuce a nan ba mai tare ta. Gwaji a layin farko ake yi. Haka kuma duba cewa abin da ke ƙarƙashin √ bai zama mainos ba, yana da kyau amma bai isa ba, don da x = 2 abin da ke ciki 9 ne, lafiyarsa ƙalau, matsalar a ɗaya hannun take. In kana son ka gane tun kafin ka fara, kalli hannun da ba √, tunda hagu ba ya zama mainos to dama ma ba zai zama ba, kenan x − 5 dole ya zama sifili ko sama, x ya fara daga 5. Rubuta wannan a gefen takarda, da 2 ta fito ka san ba ta cikin gida.

Wasu sukan yi wa kansu gajeriyar hanya, wai a jefar da ƙaramar amsa, ko a jefar da duk mai mainos. Ni dai ban yarda da wannan ba ko kaɗan, don tana aiki ne sau biyu uku sai ta kayar da mutum. Ɗauki x + √x = 6. Ka ware √ ɗin shi kaɗai tukuna, √x = 6 − x, ka yi sikwaya, x² − 13x + 36 = 0, amsa 4 ko 9. Da 4, 4 + 2 = 6, ta yi. Da 9, 9 + 3 = 12, ba ta yi ba, a nan babbar ce baƙuwa. Sannan √(x + 5) = x + 3 yana ba da −1 da −4, duka mainos, amma −1 amsa ce sahihiya, √4 = 2 kuma −1 + 3 = 2, ita −4 ce ta faɗi. Wani lokacin ma ba baƙuwa sam, √(5x − 6) = x yana ba da 2 da 3 kuma duka sun zauna. Wani lokacin kuma ba amsa gaba ɗaya, kamar √x + 5 = 2, in ka bi shi za ka samu x = 9 tsaf, amma 3 + 5 takwas ne ba biyu ba, abin da za ka rubuta shi ne wannan ikweshon ba shi da amsa.

Maganar maki kuwa, mutane na jin haushi in sun rubuta "x = 2 ko x = 9" malami ya ƙi ba su cikakken maki, su ce ai 9 ɗin tana ciki. Tana ciki, amma wannan jimlar cewa take yi duka biyun sun warware tambayar, kuma rabin maganar ba gaskiya ba ne. Yadda za ka rubuta shi ne ka nuna gwajin kowacce a layinta, ka ce an ƙi x = 2 saboda 3 bai yi daidai da −3 ba, sannan ka rubuta x = 9 ita kaɗai.

Aikin gida. A warware waɗannan, a nuna gwajin kowace amsa a ikweshon na farko, wanda bai nuna gwaji ba a mayar masa da takardarsa:

1. √(x + 3) = x − 3
2. √(2x + 3) = x
3. √(x + 1) = −2

Ga mai koyarwa: a ta ɗaya 1 da 6 za su fito, 6 ce amsa. A ta biyu 3 da −1 za su fito, 3 ce amsa. Ta uku ba ta da amsa duk da 3 za ta fito wa wanda ya yi sikwaya, a tambayi ajin ko akwai wanda ya gane haka tun kafin ya taɓa biro.