Yadda ake lissafa wa'adin kai ƙarar bashi kafin ya wuce

A ƙarƙashin Dokar Wa'adin Shigar da Ƙara ta Jihar Kaduna, wanda yake bin wani bashi yana da shekara 5 ya kai ƙara kotu. In ya bari suka cika, komai ƙarfin shaidarsa, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce lokaci ya wuce, alƙali kuma ya kori ƙarar ba tare da ya duba rasit ko ɗaya ba. Na fili shekara 10 ne, amma nan maganar bashi muke yi.

Da farko ka gano ranar da aka saɓa maka alkawari, domin daga nan lissafi yake farawa. A ce kai ɗan kasuwar Sabon Garin Zariya ne, ka ba wani shinkafa ta naira miliyan 2 a Janairun 2021, kuka yi da shi zai biya ranar 1 ga Maris 2021, bai biya ba. Wa'adinka zai cika a farkon Maris 2026. Kotu ba ta wahalar da kanta: za ta duba ranar da kai da kanka ka rubuta a takardar da'awarka, ta gwada da ranar da aka karɓi ƙarar a rajista.

Sai ka binciki abin da ya faru a tsakani. Abu biyu ne suke sa lissafi ya koma farko: ya biya wani kaso na bashin, ko ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu. In mutumin nan ya turo maka naira 300,000 ranar 10 ga Agusta 2023, kana da har zuwa Agustan 2028. Don haka ka je banki ka ciro bayanin asusunka na wannan watan ka adana.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne zaman sulhu. Ka kai maganar wajen shugaban kasuwa, an zauna gaban mai unguwa, ya ce a yi masa haƙuri zuwa bayan Sallah, daga nan zuwa kaka. Duk wannan bai tsayar da kwana ɗaya ba. Wasiƙar da lauyanka ya aika masa ma haka, kai shi wajen 'yan sanda ma haka. Ba na cewa a ƙi sulhu, kunya da zumunci suna da wurinsu, amma kada a tashi daga zaman sai ya rubuta adadin da ake binsa, da kwanan wata, ya sa hannu.

In ya ƙi rubutawa, wa'adi kuma saura wata shida, ka kwashi takardunka ka kai wa lauya ya shigar da ƙara. Ana iya ci gaba da sulhun ƙara tana gaban kotu.